Yadda ake canza lambar waya ko suna a asusun banki, da takardun da za a tambaye ka

Abin da ke sa mutane zarya a banki kan canjin lamba ko suna shi ne suna ɗauka wuri ɗaya bayanansu suke, alhali ba haka abin yake ba. Lambar wayarka da sunanka suna zaune a wurare daban-daban ne, kowanne da mai kula da shi, kuma idan ka gyara ɗaya sauran ba sa bin sa su gyaru da kansu. Kowace ƙasa da nata tsarin, amma ni da na Najeriya zan yi misali don shi na sani ciki da bai. A can akwai rumbun bankin da ka buɗe asusu, akwai BVN, lambar nan mai alƙalumma 11 da Babban Banki CBN ya ƙaddamar a 2014 wadda NIBSS, kamfanin da ke kula da hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, ke riƙe da rumbunta, sannan akwai NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa ta hukumar NIMC, ita ma alƙalumma 11. Wurare uku kenan. In kana da asusu a bankuna uku kuwa sun zama biyar.

To bari mu fara da lamba tunda ita ta fi sauƙi kuma ita ta fi haɗari.

Kafin ka je ko'ina ka fara sanin wane layi ne a kan BVN ɗinka. Ka ɗauki layin da kake zato ka danna wannan:

```
*565*0#
```

In BVN ɗinka ta fito, to wannan layin ne a kai. In aka ce ba a sami komai ba, to wani layin ne, watakila wanda ka yi rajista da shi shekaru da suka wuce har ka manta da shi. Ana cirar ɗan kuɗi daga katin wayarka, don haka ka tabbata akwai wani abu a ciki. Na NIN kuma shi ne:

```
*346#
```

Tambaya ta biyu, tsohon layin yana hannunka ko ya ɓata? Wannan ita ce ke raba hanya. In yana hannunka kawai dai kana so ka koma sabo, kada ka yar da shi tukuna, ka bar shi a waya har sai an gama komai, domin wasu bankunan tsohon layin za su turo wa lambar tabbatarwa, wato OTP, kafin su yarda su ɗora sabon. Wasu ma suna barin ka ka yi canjin a cikin manhajarsu, su ɗauki hoton fuskarka su turo OTP shikenan. Amma da yawa har yanzu sai ka je reshe da ƙafarka, kuma ni ban ga laifinsu ba, domin duk wanda ya iya canza lambar asusunka daga nesa to ya iya kwashe abin da ke ciki daga nesa.

In kuwa layin sace shi aka yi da wayar, to ba maganar canjin lamba ake fara yi ba, rufewa ake fara yi. Ɓarawon waya na yanzu ba wayar ce ta dame shi ba, sim ɗin yake so, ya sa a wata wayar ya gano BVN ɗinka da bankinka ya fara gwada sayen kati da tura kuɗi. Ka ari wayar wani ka kira bankinka a rufe asusun daga fitar kuɗi, kusan kowane banki yana da lambar da ake dannawa daga kowace waya don wannan, yana da kyau ka nemi ta bankinka ka rubuta a takarda tun wayarka na hannunka. Sannan ka kira kamfanin layin su toshe sim ɗin. Bayan haka sai ka zauna ka yi tunani, shin canza lambar za ka yi ko welkom bak za ka yi a dawo maka da tsohuwar? Shawarata in dai layin da sunanka da NIN ɗinka aka yi masa rajista, ka yi welkom bak. Zuwa ɗaya ne ofishin kamfanin layin, su duba NIN ɗinka, su tambaye ka lambobin da ka fi kira da katin ƙarshe da ka sa, su ba ka sabon sim mai tsohuwar lamba. Wannan ya fi ka bi bankuna ɗaya bayan ɗaya kana cike fom.

Inda welkom bak ba ta yiwuwa shi ne layin da ka bari ya daɗe ba a amfani da shi. Kamfanonin waya ba sa ajiye wa mutum lamba har abada, in aka yi watanni masu yawa ba kira ba kati ba data sai su kashe ta, daga baya su sayar wa wani. Wannan sabon mai layin shi zai riƙa ganin alat ɗinka, albashi ya shigo ya gani, ka cire kuɗi ya gani, OTP ma shi za ta je wa. Alamar da za ka gane ita ce ka kira tsohuwar lambar ka ji ta shiga wani ya ɗauka. In ka ji haka to gobe da safe banki, ba sai jibi ba.

Abin da za ka riƙe in za ka je: katin shaida mai hotonka wanda bai ƙare ba (takardar NIN, fasfo na tafiye-tafiye, lasin tuƙi ko katin zaɓe), lambar BVN ɗinka, lambar asusunka mai alƙalumma 10, hoton fasfo guda biyu ko da ba za a tambaya ba, da wayar da sabon sim ɗin ke ciki, a kunne da caji. Ka yi fotokwafin katin tun a waje amma ka tafi da na asalin. Wasu bankunan in layin ɓata ya yi suna ƙara neman takardar rantsuwa ta kotu, wato afidabit, ko rahoton 'yan sanda, wasu kuma ba ruwansu, don haka ka kira ko ka leƙa ka tambaya kafin ka kashe kuɗi a kan takardar da ba a buƙata. Abu ɗaya da ake yawan mantawa, sabon layin ya zama naka ne, wanda aka haɗa da NIN ɗinka. Tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa kowane sim da NIN, to in ka kawo layin da ɗan'uwanka ya yi wa rajista da sunansa, ko banki ya karɓa yau kai ne za ka sha wahala ranar da sim ɗin ya lalace, don ba kai za a yi wa welkom bak ba.

In ka shiga ba layin masu ajiya da cira za ka bi ba, teburin kwastoma sabis za ka nufa. Ka ce kana so a canza lambar waya, za a ba ka fom na sabunta bayanai. Nan ne wurin da nake so ka buɗe kunne. Ka faɗa musu da bakinka cewa a asusu da kuma a BVN kake so a canza, duka biyun. Aiki biyu ne, a bankuna da yawa ma fom biyu ne, kuma in ba ka faɗa ba ma'aikacin na asusu kawai zai yi ya sallame ka. Za ka koma gida alat na shigowa sabon layi kana murna an gama, sai ranar da ka zo buɗe asusu a wata manhaja ko neman wani abu da ke tantance BVN ka ga an ce an tura OTP zuwa wata lamba, an ɓoye tsakiyarta an bar alƙalumman ƙarshe, ka duba ka ga ta tsohon layin ce. Canjin BVN yawanci sai an kai ka wajen na'ura ka ɗora yatsa an tabbatar kai ne, shi ya sa ba a aike. Kuma ka zaɓi lambar da kake da niyyar zama da ita, BVN ba wurin da ake canza lamba kamar riga ba ne, ana taƙaita irin waɗannan canje-canjen saboda masu damfara.

Sa hannun da za ka yi a fom ɗin ya zama irin wanda ka yi ranar buɗe asusu. Na ga dattijon da aka mayar wa fom sau biyu saboda hannunsa ya canza cikin shekaru, daga ƙarshe sai da aka ba shi wani fom ɗin na sabunta sa hannu. In ka san ka manta yadda ka yi, ka faɗa tun farko, ba abin kunya ba ne.

Kafin ka fita ka tambaya ko an mayar da manhajar banki da lambar tura kuɗi ta waya kan sabon layin, domin a wasu bankunan sai ka sake rajistar su da sabon PIN. Ka ce a cire tsohuwar lambar gabaɗaya, kar a bar ta a matsayin ta biyu. Gwaji kuwa mai sauƙi ne, ka sa wani ya turo maka ɗan ƙaramin kuɗi ka ga inda alat ya faɗa, sannan bayan kwana ɗaya ko biyu ka danna lambar duba BVN ɗin nan a sabon layin. In ta fito an gama da wannan ɓangaren. Saura sauran bankunanka, kowanne sai ka je ka canza na asusunsa, BVN ɗin dai sau ɗaya ake gyara ta a banki ɗaya. NIN ma tana da lambar waya a jikinta, ita kuma ba aikin banki ba ce, wajen NIMC ake gyarawa.

Yanzu suna. Shi wannan ya fi cin lokaci, kuma yawan takardun ya danganta da irin canjin. Akwai gyaran kuskuren rubutu, kamar harafi ɗaya da ya faɗi ko Muhammad da aka rubuta Mohammed. Akwai jera sunaye, inda sunan mahaifi ya koma gaba naka ya koma baya. Sannan akwai canji na gaske, ƙara suna, cire suna, ko ɗaukar wani sabo saboda aure ko wani dalili. Na farko da na biyu sau da yawa katin shaida mai ɗauke da sunan daidai da fom sun isa, musamman in kuskuren daga bankin ne, kodayake akwai bankin da ko harafi ɗaya ne sai ya ce ka kawo afidabit. Na uku kuwa ba makawa sai takardu: afidabit na canjin suna, sanarwa a jarida, katin shaida da ya riga ya ɗauki sabon sunan, in dalilin aure ne a haɗa da takardar shaidar aure.

Ka lura da abin da na ce, katin da ya riga ya ɗauki sabon sunan. Banki ba ya raɗa wa mutum suna, bin takardar hukuma yake yi. Shi ya sa wanda ya fara da banki yake dawowa hannu rabbana.

Bari in ba ku labarin wata ƙanwata don a ga yadda abin ke tafiya, ba sunanta na gaskiya zan faɗa ba amma matsalar ita ce dai. Mu ce a takardun makarantarta Hauwa'u Muhammad Sani take. Asusun da ta buɗe tana ɗaliba an rubuta Hauwa Mohammed, BVN ma haka tunda daga wannan fom ɗin aka ɗauka. Wanda ya yi mata rajistar NIN kuma ya rubuta Hauwau Sani Muhammad, ya mayar da Muhammad sunan ƙarshe. Shekaru ba abin da ya faru, kuɗi na shiga na fita. Sai ta sami aiki, aka ce sunan asusun albashi dole ya yi daidai da na takardar ɗaukar aiki, kuma a daidai lokacin bankuna na matsa wa mutane su haɗa NIN da asusu, bayan umarnin da CBN ya fitar a Disamban 2023 cewa manyan asusun mutane sai da BVN da NIN duka biyu. Ta je banki da takardar makaranta, ma'aikaciyar ta juya mata allon kwamfuta ta ce Hajiya duba, mutum uku nake gani a nan, wacce ce ke a ciki? Ta dawo gida ranta a ɓace ta kira ni, Yaya sun ƙi yi min. Na ce ba ƙi suka yi ba, daga wutsiya kika faro.

Abin da muka fara yi shi ne zaɓar suna ɗaya tak, muka rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, wanne ne sunan farko, wanne na tsakiya, wanne na ƙarshe. Muka bi na takardun makaranta domin su suka fi wuyar canzawa, kullum ka bi takardar da ta fi wuyar gyara ka ja sauran zuwa gare ta. Har maganar ɗan alamar nan ta cikin Hauwa'u sai da muka yi, saboda akwai kwamfutocin da ba sa karɓar ta, wani wurin a rubuta a haɗe wani wurin a bar fili a tsakani, na'urar da ke gwada sunaye kuma ba ta san ɗaya ba ne. Na ce mata duk inda aka cire alamar to a haɗe, kar ta yarda a raba.

Daga nan kotu. Aka buga afidabit da ke cewa ita ce mai waɗannan sunaye ukun, aka jera su ɗaya bayan ɗaya yadda suke a kowace takarda, aka ce daga yau ga sunan da za a san ta da shi, kuma duk takardun baya suna nan da ƙarfinsu. Aka manna hotonta, ta sa hannu gaban jami'in rantsuwa aka buga hatimi aka ba ta rasit. Ka karanta afidabit ɗinka harafi-harafi kafin a buga hatimi, wallahi mai buga takardar ma yana kuskure, kuma in ya manta bai sa sunan da ke kan asusun ba yadda yake, banki zai ce wannan takardar ba ta magana a kan mai asusunsu. Kuma ka shiga cikin kotun da kanka, ka bar masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa kawo a yi maka yanzu-yanzu.

Sai jarida. Da afidabit ɗin ake zuwa ofishin tallan jarida, ta ƙasa wadda aka sani, su buga 'yar sanarwar nan ta layi huɗu ko biyar a shafin canjin suna. Ranar da ta fito ka sayi kwafi biyu ko uku, kuma kar ka yanke ɗan gurbin sunanka kaɗai, shafin gabaɗaya ake so inda sunan jaridar da kwanan wata suke a sama. Ka zagaye naka da biro don ma'aikaci ya gani da sauri, ka yi fotokwafi, na asalin ka adana.

Sai NIN. NIMC tana da shafin gyaran bayanai da mutum zai shiga da kansa ya biya ya ɗora takardunsa, in abin ya gagara kuma a je ofishinsu a tambaya. Nan ne aka fi jira, kuma ba amfanin komawa banki kafin ya fito, domin ma'aikacin ba takardar hannunka kaɗai zai duba ba, zai buga lambar NIN ɗin a kwamfutarsa ya ga abin da rumbun ya nuna. Ita ma sai da sabon ya fito ta ciro sabuwar takardar NIN sannan muka koma.

A banki ta miƙa afidabit, shafin jarida, sabuwar takardar NIN, hotuna, ta cike fom ɗin gyaran BVN da na gyaran asusu, suka ce ta ƙara da 'yar wasiƙa da hannunta zuwa ga manajan reshe tana neman canjin. Layi uku ce, tsohon suna, sabon suna, lambar asusu, sa hannu da kwanan wata. Ta ɗora yatsa. Ba nan take ya canza ba don ma'aikacin teburin shigarwa kawai yake yi, wani ne a sama yake amincewa, ya ɗauki 'yan kwanaki. Yadda muka gane an gama shi ne na buɗe manhajar bankina na sa lambar asusunta kamar zan tura mata kuɗi, sunan da ya fito shi ne sabon. Lambar asusu ba ta canzawa, BVN ma ba ta canzawa, kuɗin ciki ba abin da ke taɓa su. Katin ATM ne yake nan da tsohon suna, yana aiki har ya ƙare, in kana so ka nemi sabo, mai littafin cak kuma gara ya karɓi sabo.

Tunda kana wurin ka sa a duba maka ranar haihuwa ma, a BVN da NIN. In sun saɓa ka gyara a wannan zuwan, amma ka tabbatar da wadda kake so sosai, domin ƙa'idar CBN sau ɗaya ta yarda a canza ranar haihuwa a BVN, kuma sai da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru.

Wanda yake ƙasar waje ko mara lafiya da ba zai iya zuwa ba, ya tuntuɓi bankin ta lambar da ke bayan katinsa ko imel ɗin da ke shafinsu na gaskiya, suna da tsarin da suke bi. Asusun haɗin gwiwa kuma ko na kamfani ba mutum ɗaya ke canza masa lamba ba, sai waɗanda aka rubuta su ne masu sa hannu sun sa, na kamfani ma yawanci sai da wasiƙa a takarda mai tambarin kamfanin.

Akwai kuma kiran da ke zuwa a irin wannan lokacin, wani ya ce daga banki ne, an ga matsala a BVN ɗinka, ka karanto lambar da aka turo maka yanzu a gyara. Ka kashe wayar. Banki ba ya gyara suna ko lamba ta hanyar kiranka ya karɓi OTP ko PIN ko lambobin jikin katinka, kuma mutumin da ya ce ka turo kuɗi da BVN zai gyara maka daga ɗakinsa ba tare da ka ɗora yatsa ba, ko dai kuɗinka zai ci ko bayananka.

In ka miƙa komai aka yi shiru, kar ka tsaya zuwa kana tambaya da baki. Tun ranar miƙawa ka ce a buga maka hatimin karɓa a kan fotokwafin fom ko wasiƙarka, da kwanan wata. In lokacin da suka ɗiba ya wuce ka shigar da ƙorafi a rubuce ka karɓi lambar bin diddigi. In aka yi mako biyu ba a warware ba kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, kuma abin da za su fara tambayarka shi ne wannan lambar da shaidar cewa ka fara kai kukanka bankin.

Bayan sunan ya canza ka bi wuraren da ke turo maka kuɗi ka sanar da su, ofishin albashi, kamfanin fansho, duk inda aka ajiye tsohon sunanka kusa da lambar asusun, don akwai masu biyan da ke dakatar da kuɗi in suka ga suna bai yi daidai ba. Afidabit ɗin da shafin jaridar kuma ka sa su a leda ɗaya ka ɗauki hotonsu a waya, ƙanwar tawa sai da aka sake tambayarta su a banki na biyu, da kuma ranar da ta je yin fasfo.